Shafin Mai Takalma Bai Fito Ba

Yayana ƙera wa 'yan kasuwa shafukan intanet yake yi, a wani ɗan ɗaki da ke saman shagon mai gyaran fanka. Abokan sana'arsa na kiransa Sai-na-duba, don ba ya sakin shafi sai ya bi shi kaf da idonsa a wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Wai masu saye irinta suke riƙewa. Taurin kai kuwa, ko tsohuwarmu ta sallama masa.

To, idon ne ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an kuma makara. Yaya ya ɓoye wa kowa, har ranar buɗe shafin wata mai shagon takalma ta zo ta wuce. Ita kuwa baiwar Allah ta riga ta buga adireshin shafin a jikin ledojinta, tana ta kira yana ƙin ɗauka.

Da safe ya aika na zo. Na same shi hancinsa kamar zai taɓa allon kwamfuta, ya ƙara girman rubutu har kalma biyu sun cika layi. Wallahi raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro.

"Auta, zauna ki rubuta mata," in ji shi. "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri, jinkirin daga gare ni ne. Shafin yana nan a wurin gwaji, ba a haɗa shi da adireshinki ba tukuna. Hanyar biya da kati ba a gwada ta da ciniki na gaske ba. Hotunan takalman sun yi nauyi, sai an rage su, in ba haka ba shafin zai riƙa jan ƙafa. Sannan ba a tabbatar da yadda yake zama a ƙaramar waya ba."

"Haba Yaya, ka faɗa mata ciwo ne mana! Ai akwai manhajar da ke karanta wa mutum allo."

"Za ta gaya mini hoto ya hau kan farashi? Rubuta. Na miƙa ragowar aikin ga abokin sana'ata na ƙasan layi, da fayilolin da duk kalmomin sirri. Shi zai ba ki sabuwar rana. Ni ba zan iya ƙarasawa ba."

Na janye hannuna, na ce ba da ni ba. Wannan matar ce fa kaɗai ta rage masa, sauran masu ba shi aiki duk sun watse. Ya kafe, har na gaji na rubuta a wayarsa, na karanta masa, na tura ina kuka.

Ya juya ga kwamfutar, ya kafa mata ido ya daɗe, ya ce bari ya yi wa shafin kallon ƙarshe. Allon ya riga ya yi baƙi tun muna rubutu. Na kasa faɗa masa.