Kwana Sittin Ba Ɗaya

Shekara tara Mai Tsintsiya tana share kamfanin sabulu, amma a takarda ba ta taɓa cika wata uku ba. Dokar wurin ita ce, duk ɗan wucin gadin da ya haɗa ranakun aiki sittin a jere dole a tabbatar da shi, a ba shi katin asibiti shi da iyalinsa. Shi ya sa ake yanka mata kwantiragi kamar rigar marowaci, kullum sai ya ɗage kaɗan. Idan ya ƙare ta zauna gida mako biyu, ta dawo ta dangwala yatsa a sabo.

Katin take so. Maigidanta, tsohon tela, ciwon suga ya ci masa yatsun ƙafa biyu yana neman na uku. Kullum da safe sai ta wanke gyambon da ruwan gishiri ta naɗe, tana yi masa tsiya wai ya ƙi mutuwa ne don kada ta huta. Shi kuma ya ce ai kallonta ma rabin mutuwa ne.

Ba ta san bihim ba, amma ta san abin da akawun kamfani ba ya ƙirgawa. Asabar da Lahadi ba sa shiga lissafi, ko da ta zo ta goge tayil har gwiwa ta kumbura. Haka ranakun hutun da ke manne a allon sanarwa, jerin da kamfani ke rubuta wa kansa kowace shekara. Saboda haka a ɗakin tsintsiya ta ajiye gwangwanin madara, duk ranar da ta san za a ƙirga sai ta jefa tsakuwa ɗaya.

A bana an rubuta mata daga Litinin uku ga Maris zuwa Juma'a talatin ga Mayu, ranar farko da ta ƙarshe duk a ciki. Mako goma sha uku ke nan, biyar biyar, sittin da biyar. Akawu ya duba allo ya ga hutu shida, ya cire, ya sami hamsin da tara, ya buga hatimi. Bai lura ɗaya daga cikin shidan ta faɗo ranar Lahadi ba, kuma kamfani ba ya ramawa da Litinin. Ranar da aka riga aka cire, ya sake cire ta.

Saura mako biyu ta zazzage gwangwani a kan zanenta ta sami hamsin. Sauran ranakun goma ne, babu hutu ko ɗaya a ciki. Sau uku tana maimaitawa.

Da ta yi shiru da ta ci. Sai ta tuna za a iya korar akawu a kan wannan kuskure, mutum mai 'ya'ya huɗu da ke ce mata Inna. Ta same shi a ofis ta ce masa ranakunta za su cika sittin, ya fara shirya abin da zai kare kansa da shi. Ya sake lissafawa a takarda, ya ga haka ne.

"Allah ya saka da alheri, Inna," ya ce. Ko ƙofa ba ta gama ja ba ya miƙe ya nufi wajen manaja.

Ranar Litinin aka ƙara layi ɗaya a jerin allo: Alhamis ashirin da tara ga Mayu, hutu, ranar karrama ma'aikata. Mai gadi ne ya karanta mata, yana murna zai yi barci.

Alhamis ɗin aka kashe injuna, aka jera kujerun roba a tsakar kamfani. Ita aka fara kira. Manaja ya ce uwar kowa ce, tsintsiyarta ta fi wasu injiniyoyi amfani. Aka miƙa mata bokiti da katan ɗin sabulu, aka ce ta yi murmushi a ɗauki hoto. Ta yi. Da aka watse, ita ta kwashe kwalaben lemo ta share wurin.

Washegari ta shiga ofis da gwangwaninta ta ce ai jiya ta zo, har ta yi shara.

"Jiya hutu ce, Inna. Tana cikin jeri." Akawu bai ɗago kai ba. "Hamsin da tara."

"Kai, ɗan nan, ko kunyar furfurata ba ka ji?"

Ya ce shi bawan takarda ne, ta dawo bayan mako biyu, kuma kada ta makara don akwai wata yarinya mai neman wurin.

A gida tela ya kalli katan ɗin ya ce to, ko ba komai za a wanke gawarsa da mai ƙamshi. Ta kwance ƙyallen ƙafarsa, ta ga baƙin gyambon ya wuce yatsa ya hau tafin ƙafa. Ta ɗora ruwa a wuta, ta aika maƙwabta a ranto mata gishiri.