Rabin mintin Hajiya

Takardar yabo da ke rataye a ɗakina ba tawa ba ce, ko da yake sunana ne a kai. Da daɗewa mutanen furoje, masu shirin tallafa wa manoma, suka zo garkarmu a fadamar Badagishiri suna tambayar wa ke fitar da irin albasan nan mai kyau. Na ce ni. Suka kai ni taro Tawa, aka tafa mini. Alhali matata Hajiya ce ke zaɓar albasar iri ɗaya bayan ɗaya, ta adana ta a rudu, rumbun albasa, har damina ta wuce, ta yanke kai ta dasa. Ni ban ruwa kawai nake yi. Da na dawo da takardar ta ce, "Barka, Malam." Ta koma kan aikinta.

Bana wata mai gabatar da shirin manoma a rediyon garinmu ta ji labarinta a bakin mata, ta zo har gida ta gayyace ta. Hajiya ba ta yi lakwal ba, wato boko, ni na taɓa kaɗan, don haka mai shirin ta juyo gare ni.

"Baba, ku rubuto mini abin da zan karanta kafin in ba ta magana. Wace ce, me ta sani, don me za a saurare ta. Rabin minti, kada ya wuce."

Na cika shafi guda na kaye, littafin rubutu, na kai mata gidan rediyo. Ta ajiye agogon wayarta a tebur, ta karanta da ƙarfi kamar ana jin ta. Sai na ji abin da idona bai nuna mini ba: matar wane ce, wanda ya je Tawa, wanda aka ba takarda.

"Minti ɗaya da rabi, Baba, numfashina har ya ƙare. Kuma ku na gabatar. Hajiya fa, ta zo rakiya ne?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Abin da na karanta, da bakina mutane za su riƙe shi," in ji ta. "Wa ke zaɓar irin?"

Na ce ita. Karo na farko ke nan da na faɗa wa wani.

Na sake rubutawa, gajerun jimloli, ina gwadawa da baki a bayan rumbu. Mai shirin ta ce dole baƙuwa ta ji abin kafin a watsa, sai na sami Hajiya da hantsi tana tsintar wake, na karanta mata. Da na zo kan shekarun aikinta ta tsai da ni.

"Wa ya ƙidaya maka? Ka ce tun kafin in yi aure. Kuma wurin inna na koya, ka sa ta."

Na sa. Sai na karanta layin da ya fi ba ni wahala: cewa mijinta ya taɓa karɓar yabon aikin nan, kuma yana neman gafara. Hannunta ya tsaya cikin waken.

"Malam, rabin minti aka ba ni, nan ma sai ka shigo?"

Na sake duban layin.

"In gafara kake nema, ga ni zaune. Mutanen Malbaza da Illela masu jin rediyo me ka yi musu? Goge."

Na ja bik a kan layin na soke shi, na nemi gafarar a nan tsakar gida. Ta ce ta yafe tun shekarar da abin ya faru, sai dai ta so ta ji na tambaya. Ta miƙo mini faifan, wai tunda na zauna in taya ta.

Saura yadda za a kira ta. Na rubuta "matar wane", ta ce a'a, sunanta na yanka da na mahaifinta. Ni da ban saba kama sunan nan ba, Hajiya kawai nake cewa, sai da na faɗe shi sau uku don in ji ko ya zauna a ƙarshen jimla. Tana ta kallon wake tana murmushi.

Ranar shirin na zauna da abokaina a rumfar mai shayi, rediyo a tsakiya. Mai shirin ta karanta: baƙuwarmu ta yau manomiyar irin albasa ce daga fadamar Badagishiri. Wurin mahaifiyarta ta koya tun kafin ta yi aure. Garake da yawa a nan irinta suke shukawa. Yau za ta gaya mana yadda ake gane albasar da ta isa a ajiye. Sai sunanta.

Wani abokina ya dube ni. "To kai, takardar taka fa?"

Na ce tata ce, ni ruwa nake ba albasa. Ya buɗe baki zai ƙara, na ce ya dakata tukuna, ta fara magana.