Gabu Mai Shaidar Yatsa

Na daɗe ina mamakin Bara'atu, maƙwabciyata a Wurno. Shekara goma sha tara tana cikin kulle, ko hanyar kasuwa ba ta sani ba, amma tambaye ta kuɗin tiyar gyaɗa ka sha labari. A bakin masu shigowa sayayya take ji.

Da ƙosai ta fara. Ɗiyarta Juwairiyya ke kai talla da hantsi, shi ya sa kullum sai an ci rabin darasi take isa makaranta. Da yarinyar ta ci jarrabawar shiga sakandare, Bara'atu ta kife faranti, ta ce an gama talla. Mijinta Haliru, manomin albasa, bai so ba, don ribar ƙosan nan ke sayen sabulu da kayan ɗakin yarinya. Ya ba ta zuwa faɗuwar damina: in ba ta sami sana'ar da za ta tsaya ba talla ba, Juwairiyya ta koma kan faranti.

To, mi za ta yi? Ƙosai ba ya kwana. Man gyaɗa na son jari. Ɗinkin hula kuwa sai a yi wata kan guda, ido na yaji. Sai ta tuna lawashin albasa da ake bari a fadama bayan an cire. Ta sa aka kwaso mata, ta daka, ta cura, ta shanya: gabu ke nan, mai ɗaga miya, mai wata da watanni bai lalace ba. Kowane curi takan danna masa babban yatsa a tsakiya, wai ya fi saurin bushewa. Kaka Habi dillaliya, tsohuwar da ba gidan da ba ta shiga, ita ke ɗauka a ƙwarya, ana ba ta ladanta.

Haliru dai dariya yake yi, wai abincin awaki ake wa wahala. Ni ma, gaskiya, na tausaya mata.

Da hadari ya fara haɗuwa, albasa ta yi tsada. Wata ranar kasuwar Achida Haliru ya dawo da ƙulli a leda. Ina tsakar gidan ina tsince mata shinkafa ya ajiye a gabanta, ya ce wannan ne gabun da ya ga ana rububi a kai, da ƙyar ya samu. Wai ta duba yadda gwanaye ke yi, ta haƙura da nata.

Bara'atu ta ɗauki curi guda, ta juya shi, ta sa yatsanta a ramin. Ya zauna daram. Ashe wani ɗan kasuwa ke sara a hannun Kaka Habi yana kaiwa can.

"Malam, nawa ka saye shi?"

Ya faɗa. Ninki uku ne na yadda take bayarwa.

"Kash, da ka shigo ɗaki, da na yi maka ragi."

Dariya ta kusa kashe ni. Shi kuwa ya daɗe yana kallon ramin nan, sannan ya tambayi nawa ne yadin kayan makaranta.