Dubu Takwas ɗin da Ba Ta Shigowa

Babanmu ma'aikacin ɗakin wanki ne a asibiti. Shi ke kula da manyan injinan da ke wanke zannuwan gadon marasa lafiya, shi ya sa tun muna yara ake ce masa Mai Inji. Tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda sabulu da ruwan zafi. Mutum ne marar magana, irin wanda shirunsa kan ba ni haushi wani lokacin. Ka taka shi, shi zai ce maka sannu.

Tsarinsa ɗaya ne a ƙarshen wata. Saƙon banki ya shigo waya, ya faɗa wa Mama adadin, su zauna su kasafta. Takardar albashi kuwa, da an miƙo masa sai ya cusa ta a akwatin kayansa na wurin aiki, ko buɗewa ba ya yi.

Wata rana ɗaya daga cikin takardun ta biyo shi gida a aljihu, Mama ta tsince ta wajen wanki. A layin ƙarshe, bayan an cire haraji da fansho da kuɗin ƙungiya, an rubuta abin da zai karɓa: dubu tamanin. Shi kuwa dubu saba'in da biyu ya ce mata.

"Ina sauran, Malam?"

Ya nuna mata saƙon waya. "Abin da ya shigo ke nan."

"Cikin wannan asusun dai. Wancan fa da ban sani ba?"

Sai kawai ya mayar da wayar aljihu. Wayyo, da ma ya yi faɗa! Mama ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, amma ta daina zama cin abinci da shi, ta koma kwana ɗakinmu. Aure na fiye da shekara talatin, ina kallo yana tsinkewa a kan dubu takwas.

Na gaji, na ce, "Baba, sa takalminka, banki za mu."

Aka buga mana bayanin asusunsa na shekara guda, shi kuma ya kwaso tarin takardun albashinsa. Na jera su a kan tebur, kowane wata da layinsa. Na fara zargin cajin banki, sai na ga shi daban yake fitowa a nasa layin, kuma bai taka kara ya karya ba. Kuɗin tun daga shigowarsu suke da giɓi, kashi ɗaya cikin goma, ba watan da ya tsira. Ma'aikaciyar bankin ta ce, "Abin da aka turo mana muka zuba. Ku tambayi masu biyansa."

A ofishin albashi akawun ya daɗe yana duba kwamfuta, sannan ya ɗago.

"Mai Inji, ai albashinka asusu biyu yake shiga. Ita takardar, jimilla kawai take nunawa. Kashi goma cikin ɗari na tafiya asusun wata baiwar Allah." Ya karanto sunan kakarmu.

Baba ya nemi kujera ya zauna. Ashe tun kafin ya yi aure ya sa hannu a riƙa tura wa mahaifiyarsa, kuma bai taɓa gaya wa Mama ba, don bai ga abin faɗi a ciki ba.

"Inna ta rasu shekara huɗu ke nan," ya ce a hankali. "Kai ma ka zo mini ta'aziyya. Duk ofishin nan kun zo."

"Mun zo, Allah ya jiƙanta. Amma ba ka rubuto a tsayar ba."

Shi a tunaninsa, tunda sun zauna a gidansa sun yi mata addu'a, ai sun sani. A shekarar kuma aka yi ƙarin albashi, da ya ga kuɗi sun ɗan ƙaru sai ya ɗauka rabon Inna ne ya dawo. Na so in yi wa akawun tas, amma me zan ce masa? Baba ya sa hannu aka tsayar. Kuɗin da suka taru kuwa sai an kai takardun gado, har yanzu muna kan zirga-zirga.

Da na yi wa Mama bayani, kuka ta yi sosai. Ta durƙusa ta ce ya yafe mata, ya ce ba komai, ya wuce.

Wallahi bai wuce ba. Yanzu duk ƙarshen wata sai ya zo ya ajiye mata takardar albashi da wayarsa a gefe, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

"Malam, don Allah ka daina. Na yarda da kai."

"Duba dai," yake cewa. Ba ya zama sai ta duba.