Sunan Ya Fanna a Kan Allon Gardi

Talata. Aikin farko: duba sanyin firjin allurar rigakafi.

Ina tsugune gaban firjin sai majo, shugaban likitarmu, wato asibitin unguwa a nan Diffa, ya shigo ba sallama. Ya ce, "Daniyel, Ya Fanna ta rasu." Na ce wace Fanna, alhali ɗaya muke da ita. Ta idar da sallar asuba, ta miƙe, ta faɗi. Jiya-jiya ta karɓi makullin kabad ɗin magani daga hannuna, tana yi mini faɗa a kan rubutuna. Har yanzu da nake wannan rubutu, in ƙofa ta motsa sai na ɗaga kai.

Ita ce babba a cikinmu masu jinya. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta barin mai haƙuri da haƙurinsa. Takan ce, "Jakin da ba ya kuka, shi ake ƙara wa mangala."

Ni ne jakin. Tsarinmu shi ne, wanda ya yi gardi, wato tsayuwa a bakin aiki yini da kwana, washegari hutunsa ne. Wanda gardinsa ya faɗa ranar biki, yana bin ranar ramuwa. A kan allo kowa daidai yake. Amma ni Kirista ne daga wajen Maraɗi, don haka duk Sallah sai wani ya dafa ni: "Daniyel, ai ba bikinku ba ne, riƙe mini." Musayar da baki ake yi, sunan mai gardi yana nan a allo, ramuwar ma shi ake ba. Disamba kuma lokacin tsinkar tattasai ne, abokan aiki masu garaka a Shetimari sun riga sun kama konje, wato hutun shekara, tun damina. Sai Nowel, wato Kirsimeti, ta same ni a bakin aiki, shekara bayan shekara. Bana ƙanwata ta kira ta ce idon mahaifiyarmu yana rufewa, tana so ta gan ni tun tana iya gani.

Na shirya maganar da zan yi wa majo, na karanta wa Ya Fanna. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Ɗana, duk gaskiya ne. Amma ka fara da 'an zalunce ni'. Majo zai tsaya neman wanda ya yi zaluncin, ya ga shi ne, daga nan kunnensa ya toshe."

Na ce, "To, Ya, in yi shiru ke nan?"

"Shirun ne ya kawo ka nan. Bar mini bakin farko."

A taron ƙarshen wata ta ɗaga hannu. Ba ta ambaci majo ba, ba ta nuna kowa ba. Ta ce, "Ina da tambaya a kan kaina. Layyar bara sunana ne a allo, amma ina gida ina suya. Wa ya riƙe mini?" Aka ce Daniyel. "Ramuwar fa, wa ya ci?" Aka yi dariya. Musa, mai garka mafi girma a cikinmu, ya ce, "Ya Fanna, in tonon asiri za a yi, ni ma ƙaramar Sallah a gida na ci ta." Sai ta juya ga majo ta ce, "Allonka daidai yake, majo, mu ne muke canza shi a bayanka. Yaya kake ganin za a gyara?"

Majo da kansa ya yanke: duk musaya a rubuta ta a allo, ramuwa ta bi wanda ya tsaya, bukukuwan shekara da konjen Disamba kuma a raba su gaba ɗaya a gaban kowa. Na Disambar bana an riga an sa hannu, ba a iya taɓawa. Ya Fanna ta ce, "Gardin Daniyel na Nowel nawa ne. Je ka, uwarka ta gan ka." Da na soma godiya ta katse ni: "Ba kyauta ba ce, naman Layyarka ne da na cinye."

Da muka dawo daga jana'iza na tsaya gaban allon. Sunanta yana nan a ranar Nowel, da hannunta. Ban san yadda mutum zai tambayi wa zai maye gurbin mamaci a ranar da aka rufe shi ba, na kuma riga na fara gaya wa zuciyata tafiyar ta fasa. Musa ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai goge sunanta ba. Ya ɗauki alli ya rubuta nasa a ƙarƙashi, ya ce, "Tattasai ya jira."

Allah ya jiƙan Ya Fanna, ya yi mata rahama, ya sa ta huta hutun da ba a bin kowa ramuwarsa. Allah ya ba ƴaƴanta da maigidanta haƙuri, ya tsaya musu kamar yadda ta tsaya wa wasu. Amin.

Gobe:
Komawa gaisuwa gidanta.
Karɓo makullin kabad daga hannun ɗiyarta.
Yankar tikitin Maraɗi.
Kiran Inna. Ban san ta ina zan fara ba.