Mai Hoton Masallaci

Abdulmumini, ɗan wani ƙauye kusa da Tofa, mutum ne mai kunyar roƙo. Yana da difloma a aikin gona, amma gonar babansa kaɗai ta ɗauke shi aiki.

Kafin damina ya yi waya da Hajiya Ramlat, mai ɗaukar wa wani kamfanin iri ma'aikata a Kano. Ta ce babu gurbi, ya neme ta bayan girbi. Don kada ta manta da shi, kowace Juma'a sai ya tura mata hoton masallaci. Ba ta taɓa amsawa ba.

Bayan girbi, yayarsa Aina'u ta duba wayar ta ce, "Mumini, ka taɓa faɗa mata ko kai wane ne?"

"Ai ta san ni, Yaya."

"A ina? A masallacin?"

Ya zauna kan buhun dawa, ya rubuta wa Hajiya sunansa da watan da suka yi magana, ya ce ya sami lasisin babur. Ya haɗa takardunsa, ya daure ya tambaya ko an sami gurbi.

Bayan la'asar amsa ta zo: "Ashe kai ne mai masallaci. Ka zo intabiyu ranar Litinin."