Tamanin ɗin Hawa da Tamanin ɗin Sauka

Makonni uku aka ba mu kafin jarrabawar maimaici, ni kuwa na taho gida Jibiya don in yi su a zauren babanmu. Ina aji biyu na karatun likita, na faɗi darasin aikin sassan jiki sau ɗaya. Doka a fili take: wanda ya sake faɗuwa, ya tattara kayansa. A gida ban faɗa wa kowa haka ba. Cewa na yi hutu aka ba mu.

Tun ina ƙarami ake yabon kaina. Abu in na karanta shi sau uku, ya zauna ke nan. Da hadda na gama Islamiyya, da ita na ci sakandare, kuma na tafi jami'a ina ganin babu littafin da zai gagare ni. Yanzu da nake ɗinkin buhu ina iya faɗin gaskiya: girman kai ne ya cika ni fal.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya zanen bugun zuciya ne. Ɓangaren hagu na zuciya ɗaki biyu ne, na sama da na ƙasa. Tsakaninsu akwai ƙofa, wato bawul ɗin shiga, wanda littafi ke kira maitiral. Daga ɗakin ƙasa zuwa babbar jijiya kuma akwai bawul ɗin fita, ayotik. Ana zana yadda matsin jini da yawansa ke sauyawa a ɗakin ƙasa cikin bugu ɗaya, a ce ka nuna inda kowane bawul ya buɗe da inda ya rufe. Sai na mayar da abin waƙa. Jini ɗari da ashirin, shiga ya rufe. Matsi tamanin, fita ya buɗe. Matsi ɗari, fita ya rufe. Matsi ya faɗi ƙasa, shiga ya buɗe. Ina kai da kawo a zaure ina rerawa, manyan motocin da ke jiran tsallakawa Maraɗi suna ta gurnani a titi.

Akwai wani tsohon likita maƙwabcinmu da ya yi ritaya, yana zuwa gaida babanmu bayan la'asar. Ran nan ya tarar da ni ina waƙata. Ya tsaya ya saurara har na kai ƙarshe.

Ya ce, “Kai ɗan nan, mi ya sa fita ke buɗewa a tamanin?”

Na ce, “Baba, haka yake a littafi.”

“Na san littahi. Bawul ya iya karatu ne, da zai ga tamanin ya buɗe?”

Ya karɓi birona ya zauna a tabarma. Ya ce bawul ba shi da wayo ko kaɗan, tura shi ake yi. In matsin da ke bayansa ya fi na gabansa, ya buɗe. In na gaba ya fi, ya rufe. Fita yana buɗewa a tamanin ne kawai don matsin babbar jijiya ya sauko tamanin a lokacin, ɗakin ƙasa kuma ya matse har ya wuce shi. Ya ce duk inda na ga matsi yana tashi ko yana faɗuwa amma yawan jinin bai motsa ba, to ƙofofin biyu a rufe suke, jini bai da hanyar shiga bai da ta fita. Hakan na faruwa sau biyu: ɗaki cike yana matsewa, da ɗaki bayan ya zubar yana sakewa.

“Kada ka dubi lamba guda,” in ji shi. “Dubi ta baya, dubi ta gaba, dubi jinin. Taho gida gobe in ba ka waɗansu tambayoyi ka gwada.”

Na ce to, na gode. A raina kuwa cewa na yi tsoho ya samu mai sauraro. Kwana goma sha biyu suka rage, ga koda, ga huhu, ga ƙwaƙwalwa duk suna jirana, wa ke da lokacin tambayar dalili? Ban je ba. Da na hango shi tafe washegari ma, ciki na shige na bar shi da babanmu.

Rubutacciyar jarrabawa ta ajiye ni a kan gaɓa, ban ci ba ban faɗi ba. Irinmu ake kira a yi wa tambaya baki da baki, abin da ka faɗa a nan shi ne hukuncinka. Malamai uku na tarar a bayan tebur. Ta tsakiyar, wata farfesa mai sanyin murya, ba ta ba ni zane ba. Takarda ta turo mini mai layi ɗaya: matsin ɗakin ƙasa tamanin, na babbar jijiya casa'in da takwas, na ɗakin sama goma, yawan jini hamsin. Ta ce in faɗa mata halin da bawul ɗin biyu ke ciki, da wanda zai motsa nan gaba.

Ina ganin tamanin sai farin ciki ya kama ni. Na ce fita ne ke buɗewa.

Ta ce, “Sake duba takardar. Ba ma sauri.”

Wallahi matar nan so take ta cece ni. Ni kuwa da na ji an taɓa haddata, sai na ƙara ɗaga murya, na rero mata waƙar tun daga ɗari da ashirin har ƙasa, ba gargada ko ɗaya. Na hagunta ya sunkuyar da kai. Ta sa bakin bironta a kan hamsin ɗin, ta bar shi a nan ɗan lokaci tana kallona. Ban ga komai ba. Ta ce na iya tafiya.

Bayan kwana huɗu aka liƙa sakamako, lambata tana cikin waɗanda aka sallama.

A mota tsakanin Katsina da Jibiya abin ya zo mini, muna tsaye a wani shingen bincike, direba ya fita da takardu. Ba nema nake ba, zuwa ya yi da kansa. Matsin ɗakin ƙasa yana ratsa tamanin sau biyu. Yana hawa ya ratsa shi da jini ɗari da ashirin, a nan fita ke buɗewa. Yana saukowa ya sake ratsa shi da jini hamsin, bayan ya zubar. Casa'in da takwas ya fi tamanin, don haka fita ya riga ya rufe. Tamanin ya fi goma, don haka shiga bai buɗe ba tukuna. Duka biyu a rufe, ɗaki yana sakewa, abin da ke tafe shi ne buɗewar shiga in matsin ya faɗi ƙasa da na ɗakin sama. Amsar ba ta kai minti ɗaya ba. Na kifa kaina a bayan kujerar gaba na yi kuka, matar da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau bai gama sakina ba. Da ban gane ba sam, da na ce ƙwaƙwalwata ce ba ta kai ba, in huta. Amma na gane sarai, a lokacin da ganewar ba ta da sauran amfani ga kowa.

Ban wuce gida ba, rumfar babanmu na nufa a kasuwar hatsi. Yana zaune ana auna gero. Ya dubi akwatina, ya dubi katifar da na naɗe na ɗaure da igiya. Ɗalibin da zai koma ba ya zuwa da katifa.

Ya ce, “Yaushe za ka koma?”

Na ce, “Baba, ba zan koma ba. Sun sallame ni.”

Na so ya zage ni, ko ya tambayi yadda aka yi, in samu abin faɗa. Sai ya matsa gefe a kan bencin, ya zaro basilla da zare daga jikin ginshiƙi ya miƙo mini.

Ya ce, “Aje kayan can. Ɗinke bakin buhun ga, motar Maraɗi ba ta jira.”